Ranar da lissafi ya ƙare, kamfani nawa yake?

Ƙaramin ofis gare ni a Sabon Garin Zariya, mu uku ne a ciki. Muna tsara wa 'yan kasuwa lissafin da za su kai banki, muna kuma yi wa kamfani kima idan za a sayar ko za a shiga haɗin gwiwa. Hasashenmu yawanci na shekara 5 ne, domin abin da ya wuce haka a kasuwar ƙasar nan ya zama canke. To amma kamfani ba ya mutuwa don takardata ta ƙare. Dole in saka masa daraja a ƙarshen shekara ta 5, kuma a wannan layi ɗaya ake yawan yin ɓarna.

Bara wani Alhaji ya zo, yana so ya sayi kamfanin ruwan leda a wajen Samaru. Mai sayarwa ya ba shi takarda mai kyan gani. Kuɗin da ke saura a hannu bayan an biya komai ya tashi daga naira miliyan 8 a shekarar farko zuwa miliyan 12 a ta biyar. Alhaji yana neman ribar kashi 25 cikin 100 a shekara, da ita muka dawo da kuɗin zuwa darajar yau, ya kama kusan miliyan 26. Wannan babu gardama.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Mai sayarwa ya ɗauka kamfanin zai ci gaba har illa Masha Allah, kuɗinsa na ƙaruwa da kashi 10 kowace shekara. Ya bi ƙa'idar da ake kira da sunan Myron Gordon:

```
TV = CF × (1 + g) / (r − g)
```

TV ita ce darajar kamfani a ƙarshen shekara ta 5, CF kuɗin da ya saura a shekarar, g ƙaruwar kowace shekara, r kuma ribar da ake nema. Wato miliyan 12 ta zama 13.2 a shekara ta 6, a raba da 0.15, wanda shi ne tazarar da ke tsakanin 25 da 10. Ya ba da miliyan 88. Kuɗin da za su zo bayan shekara 5 ne, don haka a raba da 3.05, wanda shi ne abin da naira 1 za ta zama bayan shekara 5 a ribar kashi 25, ya dawo kusan miliyan 29 a yau. Fiye da rabin kuɗin da ake cewa Alhaji ya biya yana rataye a kan wannan layi. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, duba nan." Na mayar da 10 ta zama 15, nan take 88 ta koma 138, alhali ko leda ɗaya ba a ƙara sayarwa ba. Duk sa'ad da ƙaruwar ta matso kusa da ribar da ake nema, lissafin yakan kumbura haka.

Babban aibin takardar ma ba wannan ba ne. An ce kamfani zai dawwama, amma ba a cire kuɗin sabunta kayan aiki ba. Injin liƙe leda yana tsufa, janareta na cinye kansa, motocin raba ruwa kuwa duk wanda ya san lungunan cikin birni ya san ba sa daɗewa. Da na ware miliyan 4 a shekara don haka, 12 ta koma 8, darajar ƙarshe ta sauko kusan miliyan 59, wato 19 a yau.

Ɗaya hanyar ita ce a ɗauka za a rufe a sayar da kaya. Na zagaya wurin masu sayar da injuna na hannu, na ƙiyasta inji da janareta da motoci biyu za su kawo miliyan 20 a lokacin. Kwancewa da dako da la'adar dillali za su ci 2. Ledar da ke sito da bashin da za a iya karɓowa daga masu shaguna su ƙara 3. Jimla 21, a yau bai cika miliyan 7 ba. Rijiyar burtsatse ban saka mata ko kwabo ba, tunda ba a ɗaukarta a mota.

Alhaji ya ce, "To Malam, wanne ne gaskiya, 19 ko 7?" Na ce amsar ba ta cikin na'urar lissafi, tana cikin takardar fili. Idan filin na kamfanin ne, kwastomomi sun zauna, ana sabunta injuna, hanyar farko ce daidai. Idan akwai ranar tashi, ko kwangila ɗaya ce ke riƙe da kamfanin, kuɗin kaya kawai zan amince da shi.

Muka nemi takardar, ashe haya ce, saura shekara 5 cif, kuma babu sharaɗin sabuntawa. Na rubuta masa farashi biyu: miliyan 33 a yadda takardar take, 45 idan mai fili ya sa hannu a kan doguwar haya gaban lauya da shaidu. Washegari da hantsi muka tafi gidan mai filin a Tudun Wada.