Shafin dare da shafin safe: yadda nake rubuta mafarkaina

Wata ukun farko da na yi ina rubuta mafarkaina, littafi ya kusa cika amma ban tsinci komai a ciki ba. Mafarkin kaɗai nake rubutawa. In na dawo bayan mako shida na karanta cewa na ga kaina ina neman takalmina a cikin taro, ba ni da yadda zan san abin da ya faru a yinin da ya gabaci daren. Sai in kama laluben dalili, kuma kullum sai na samu, don zuciya gwana ce wajen ɗinke abin da bai haɗu ba. Gyaran da na yi ƙarami ne. Kowane dare yanzu shafi biyu yake ci.

Shafin hagu na dare ne, kafin in kwanta nake cika shi. Layi biyar ko shida sun isa: kwanan wata, wanda na yi doguwar magana da shi, abin da ya ɓata min rai ko ya faranta, abin da na ɗage ban yi ba, sai halin jiki, wato zazzaɓi, sabon magani, ko lokacin da na kwanta. Dole a rubuta wannan shafi kafin barci. In ka bari sai da safe, mafarkin ne zai zaɓar maka abin da za ka tuna na jiya, sai ka ga alaƙar da kai ka ƙulla ta da hannunka.

Shafin dama na safe ne, kuma nan ake yawan asara. Barci yana zagayawa ne kamar kowane minti 90, kuma matakin da ido ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsa, inda mafi yawan mafarkai masu labari suke zuwa, yana ƙara tsawo ne gab da wayewar gari. Shi ya sa wanda ya yanke barcinsa a awa biyar yakan ce shi ba ya mafarki. Mafarkin kuma ba ya jira. 'Yan mintuna bayan farkawa ya watse. Ni in na farka ba na juyawa, ba na buɗe ido, ba na taɓa waya. Ina kwance yadda na farka kamar minti ɗaya, in kama hoton ƙarshe da na gani, in bi shi baya-baya: kafin nan ina nake, wa ke tare da ni. Sannan in jawo littafi in fara rubuta kalma uku ko huɗu, misali "ƙofa, sakata, baƙi a waje". Su ne ƙugiyar da sauran labarin zai rataya a kai ko da wani ya katse ni.

Ina rubutawa kamar yanzu abin yake faruwa: "ina tura ƙofa, tana dawowa". Ba na gyara labarin. In ɗaki ya koma kasuwa ba tare da na fita ba, haka nake barinsa, in ja layi a inda na manta. A ƙasa in sa abin da na ji a raina da lamba daga 1 zuwa 5. Fassara ba ta shiga wannan shafi sam. Daren da ban tuna komai ba ma ina rubuta "babu", don in ba haka ba lissafi zai lalace daga baya.

Sau ɗaya a mako nake zama in fitar da alamomi zuwa shafukan ƙarshen littafin, kowace alama da layinta da kwanakin da ta fito. Na aro tsarin rabawa daga aikin Calvin Hall da Robert Van de Castle, waɗanda a 1966 suka fitar da hanyar ƙirga abin da ke cikin mafarki: mutane, wurare, mu'amala ta faɗa ko ta kirki, abin da aka ji a rai, da ɓacin rana da ya auku. Kuskurena na farko shi ne sa suna mai faɗi. Na buɗe layi na "gida", sai ga shi rabin mafarkaina sun faɗa ciki, bai nuna komai ba. Abin da ya yi aiki shi ne rubuta aikin da ke faruwa, ba kayan da aka gani ba. Ƙofar ɗaki, murfin akwati da tagar mota abubuwa uku ne dabam, amma a dukansu abu ɗaya nake yi: ina ƙoƙarin rufe abin da ya ƙi rufuwa.

Wannan alamar ce ta koya min ƙirga. A cikin dare 70 na tuna mafarki a 46, kuma "ya ƙi rufuwa" ta fito sau 9. Nan take na ce matsin aiki ne, don biyar daga cikin taran sun biyo ranakun da na rubuta cewa aiki ya yi min yawa. Da na koma shafukan hagu na ƙirga, sai na tarar ranakun matsin aiki 40 ne cikin 70. Fiye da rabi ke nan. To ko mafarkin kaza na yi sau tara, kusan biyar za su faɗa a irin waɗannan ranaku. Wannan zato ya rushe.

Sai na duba layin abin da na ɗage. Ranakun da na kauce wa wata magana da ya kamata in yi da wani, kiran da na ƙi mayarwa ko amsar da nake ja, 14 ne cikin 70, ɗaya bisa biyar. In da dace ne kawai, kamar mafarki biyu cikin taran ya kamata su biyo su. Biyar suka biyo. Tara ba adadi mai yawa ba ne, don haka ban ɗauke shi hukunci ba. Na rubuta shi a matsayin zato da kwanan wata, na ci gaba da ƙirga a wata biyu na gaba ba tare da na sauya ma'anar "ɗagewa" ba. Sauya ma'ana a tsakiyar hanya ita ce ha'incin da mutum ke yi wa kansa bai sani ba.

Akwai wani tarko kuma. Masu bincike irin su Tore Nielsen sun nuna cewa abin da ya faru da rana yakan fito a mafarkin daren nan ko na gobe, ya lafa, sannan wani lokaci ya sake ɓullowa bayan kwana biyar zuwa bakwai. Da na ji haka sai na buɗe tagar bincikena zuwa mako guda, duk taran suka dace. Ba abin murna ba ne: abin da ke faruwa sau ɗaya a kwana biyar, da wuya a sami makon da babu shi. Yanzu jinkirin mako nake nema ga abin da ba kasafai yake faruwa ba kaɗai, kamar tafiya mai nisa ko haɗuwa da wanda aka daɗe ba a gani ba.

Kafin in ba kowace alama ma'ana, layin jiki nake fara dubawa. Mafarkin neman ban-ɗaki da ya yi ta maimaituwa ya daina da na rage shan ruwa gab da kwanciya. Mafarkai masu zafi uku a jere sun zo ne a makon zazzaɓi. Wasu magunguna ma, musamman lokacin fara su ko barinsu, suna sauya yawan mafarki da kaifinsa. Amma in mummunan mafarki ɗaya ne ke dawowa bayan wani tashin hankali da mutum ya gani, har yana tsoron kwanciya, rubuta shi dalla-dalla kowace safiya yana iya ƙara tono ciwon. A nan a sa kwanan wata da kalma ɗaya kawai, a kai littafin wurin likita.