Kwana 600 da aka yi mini alkawari a Aziziyya

Imel ɗin layi huɗu ne kacal. Wani kamfanin gyaran na'urorin sanyaya gine-gine, mai hedikwata a Riyad, yana son ɗakin da muke sayarwa riyal 250 a bar masa a 180, shi kuma zai tabbatar mana da kwana 600 a shekara, wato jimillar kwanakin duk ɗakunan da zai kama. Otal ɗinmu a unguwar Aziziyya ta Makka yake, ɗaki 84, kuma duk wanda ya san unguwar ya san yadda take yin tsit bayan alhazai sun watse. Akwai daren da ɗaki ashirin ne kawai ke da mutum. Na ɗauki kalkuleta: kuɗin wanki, wuta, sabulu da shara na ɗaki guda a kwana bai wuce riyal 70 ba, saboda haka ko a 180 akwai 110 da za ta rage. Na buga 600 sau 180, na ga 108,000. Kafin la'asar na amsa cewa mun yarda.

Jami'in sayayyar kamfanin Bahaushe ne, iyayensa daga Sudan suka hauro, dattijo mai daɗin baki. Da muka yi waya na ce masa, "Alhaji, lokacin Hajji kam babu, ginin gaba ɗaya ake kamawa." Ya ce ai wannan sananne ne. Na ce azumi fa? Ya yi dariya, ya ce, "Haba ɗana, wane injiniya ne zai hau rufin bene a goman ƙarshe? Yaranmu duk hutu suke tafiya." Sai na rubuta Hajji a takarda, na bar azumi a bakin Alhaji. Na kuma rubuta cewa farashin na "baƙin kamfani" ne, muddin akwai ɗaki a otal. Waɗannan kalmomi da hannuna na buga su, babu wanda ya tilasta ni. Wannan a watan Janairun 2024 ne.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris. Kwana biyu da kamawarsa, tun ban gama tsara farashin ƙarshen wata ba, saƙo ya shigo: ɗaki 12, kwana goma, daga daren ashirin da ɗaya. A waɗannan darare ɗakinmu riyal 900 yake tafiya, kuma mutane har roƙo suke yi. Na koma na karanta takardar sau uku ina neman ƙofar fita, babu. Akwai ɗaki a otal? Akwai. Baƙin kamfani ne? Kamfani ne ya turo sunayensu.

Ranar da suka iso ina tsaye a wurin karɓar baƙi. Ban ga akwatin kayan aiki ko ɗaya ba. Abin da na gani keken jarirai biyu ne, da wata tsohuwa a keken guragu, da manyan filas na shayi, da yara sanye da harami suna tsere zuwa lifta. Iyalan manajoji ne suka zo umarar azumi a farashin injiniya. Ni na miƙa musu makullai, har da murmushi da barka da zuwa.

Lissafin ba shi da wuya, ɗaci gare shi. Ɗaki 12 sau kwana goma, kwana 120 ke nan. A kowane kwana na bar riyal 720 a ƙasa, jimilla 86,400. Da shekara ta ƙare kuma, kwanakin da kamfanin ya yi gaba ɗaya 380 ne, ba 600 ba, kuɗinsu 68,400. Wato abin da na rasa a dare goma ya fi duk abin da suka biya a wata goma sha biyu. Da na tuna wa Alhaji maganar 600, sai ya tambaye ni a hankali, "A ina aka rubuta abin da zai faru idan ba mu cika ba?" Ba a rubuta ba. Kalmar tabbaci tana cikin imel ɗinsu, amma babu ko riyal ɗaya da ke rataye a jikinta. Cinikin biri a sama na yi, na bayar da ragi tun daren farko a kan kwanakin da ban gani ba.

Mai otal ɗin, wanda tun ina yaro nake ce wa Baffa, bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dubi takardar ya ce, "Kai da aka haifa a Makka, wani daga Riyad ne zai gaya maka abin da goman ƙarshe take?" Ya ninke ta ya miƙo mini.

Da lokacin sabuntawa ya zo sun sake rubutowa, wannan karon suna neman 170. Ban amsa ranar ba. Kwana uku na yi ina duba littafin shekarar, wata bayan wata, domin in ga daren da suka cike mana gurbi da daren da suka tare wa mai biyan cikakken kuɗi wuri. Gaskiya kwana 260 da suka yi a lokacin da gari ya yi sanyi alheri ne, ba na son in rasa su. Don haka ban ce a'a ba. Na juya ragin ne ya koma baya.

Na rubuta musu cewa za su fara a riyal 215. Ranar da suka cika kwana 300, farashi ya zama 195, kuma mu mayar musu da riyal 20 a kan kowane kwanan da ya wuce. Idan sun cika 600, ya zama 180 ɗin da suke so tun daga daren farko, wato riyal 21,000 ne za su koma aljihunsu gaba ɗaya. Ta haka ba sai na bi kowa da tara ba, ba kuma sai mun yi gardama a kan ma'anar tabbaci ba. In da gaske suke, ba su rasa komai ba. Na kuma fayyace cewa harajin kashi 15 a kan farashin ake ɗora shi, domin akawunsu ya taɓa gwada cewa yana cikin 180, abin da zai mayar da ita 156 da rabi.

Sai batun da ya ƙone ni. Na cire watan Ramadan ɗungurungum, da tsakanin 20 ga Zulƙida zuwa 20 ga Zulhajji. Da sunan watan Musulunci na rubuta, ban sa Maris ko Afrilu ba, saboda azumin da ya kama 11 ga Maris a 2024, ranar 1 ga Maris ya kama a 2025. Wanda ya kwafi ranakun bara ya bar kwana goma a buɗe bai sani ba. Na ƙayyade ɗaki biyar a dare a wannan farashi, abin da ya haura sai a farashin ranar, kuma ɗakin da ba a turo sunan mai shi ba kwana uku kafin zuwa, mun sake shi kasuwa. "Baƙin kamfani" kuwa na goge shi, na sa ma'aikaci mai katin aiki.

Alhaji ya kira da daddare. Ya ce, "Ɗana, ka yi tsauri da yawa, akwai otal a bayanku da ya ce 160." Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Alhaji, ka tambaye su ko 160 ɗin ta haɗa da goman ƙarshe. In sun ce e, ni ma ka kama mini ɗaki biyu." Ya yi dariya har da tari. Ya nemi ɗaki bakwai maimakon biyar, na ba shi shida. Bayan mako guda takardar ta dawo da sa hannu da hatimi.

A tsakiyar Sha'aban ya sake kira, wai matar manajansu da surukarsa suna son ɗaki uku a goman ƙarshe. Na ce akwai, riyal 950, rabin kuɗi kafin Alhamis. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in turo lambar asusu.