Wasiƙar da na rubuta wa tsohon maigidana

Shekara shida ke nan rabona da manajan da na yi aiki a ƙarƙashinsa a wani kamfanin rarraba kaya da ke Sabon Gari, sai ga shi inda nake neman aiki sun buƙaci shaidar shugabana na baya. Na ji nauyin rubuta masa, domin ko gaisuwar sallah ban taɓa aika masa ba.

Na fara da "Ranka ya daɗe", na amsa laifin yanke zumunci a jimla ɗaya ba tare da dogon uzuri ba. Sannan na tuna masa cewa ni ne mai kula da sito daga 2016 zuwa 2018, wanda ya gyara littafin shigar kaya da fitarsu, tunda mutumin da ma'aikata da yawa suka wuce ta hannunsa ba lallai ne ya riƙe suna kaɗai ba. Na faɗi muƙamin da nake nema da ranar rufe karɓar takardu, na haɗa da takardar tarihin aikina, na kuma ce idan bai samu sarari ba, babu komai.

Kuskurena shi ne kwana huɗu kawai na ba shi, alhali mako biyu ya kamata. Ya rubuta shaidar, amma sai da ya kira ya tambaye ni ko Samaru, unguwar da nake zaune, ta koma wata ƙasa ce da ban taɓa leƙo shi ba.