Abin da na gani da na kulle babban fayil da RSA da AES

Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani kamfanin sayar da magunguna da sari, kuma an ɗora mini alhakin tsara yadda rassanmu goma sha biyu za su riƙa aiko da kwafin bayanan ciniki ta intanet kowane dare, ba tare da wani ya iya karanta su a hanya ba. Fayil ɗin reshe mafi girma ya kai kusan megabayit 950, kuma a cikinsa akwai sunayen masu saye da bashin da ake bin kowa. Kafin in zaɓi manhajar da za mu dogara da ita, na ga ya dace in gwada hanyoyin kulle bayanai guda biyu da hannuna, domin in san dalilin da ya sa masana ba su yarda a riƙe ɗaya a bar ɗaya ba.

Hanya ta farko ita ce ta mabuɗi ɗaya, wato mabuɗin da aka kulle da shi, da shi ake buɗewa. Wadda ta fi yaɗuwa a yau ita ce AES, wadda Joan Daemen da Vincent Rijmen, 'yan ƙasar Beljiyam, suka ƙirƙira, hukumar NIST ta Amurka kuma ta amince da ita a 2001. Mabuɗinta mafi tsawo bit 256 ne, wato bayit 32 kacal, kuma saurinta ya wuce misali, domin yawancin kwamfutocin zamani an gina musu umarni na musamman don wannan aiki a cikin ƙwaƙwalwarsu. A kwamfutar ofis ɗinmu, kulle babban fayil ɗin bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. Matsalar da ta tsaya mini a rai ita ce yadda mabuɗin zai isa reshe. Idan na tura shi ta hanyar da fayil ɗin zai bi, duk wanda ya tare fayil ɗin ya tare mabuɗin. Idan kuma aka ce kowane reshe zai riƙa musayar bayanai da kowane reshe, ana buƙatar mabuɗi na daban ga kowane biyu, wanda a rassa goma sha biyu ya kama mabuɗai 66, kuma kowanne sai an kai shi hannu da hannu, an adana shi, an sauya shi duk ranar da ma'aikaci ya bar aiki.

Wannan matsala ta raba mabuɗi ce Whitfield Diffie da Martin Hellman suka kawo mafitarta a 1976, sannan a 1977 Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman suka fito da RSA. A wannan tsari mutum yana da mabuɗai biyu masu alaƙa ta lissafi: na fili, wanda zai iya ba kowa, da na sirri, wanda ba ya barin hannunsa. Kamar dai ka raba wa mutane kwaɗo a buɗe ne, kowa yana iya rufe akwati da shi, amma kai kaɗai ke riƙe da abin buɗewa. Na samar da nawa da manhajar OpenSSL, sannan na nemi in kulle fayil ɗin kai tsaye da mabuɗin fili.

```
openssl genpkey -algorithm RSA -pkeyopt rsa_keygen_bits:2048 -out sirri.pem
openssl pkey -in sirri.pem -pubout -out fili.pem
```

Manhajar ta ƙi, ta rubuto `data too large for key size`. Dalilin yana cikin lissafin kansa. RSA tana ɗaukar saƙo a matsayin lamba ɗaya, kuma dole lambar ta kasance ƙasa da babbar lambar da ke cikin mabuɗin, wadda a nan tsawonta bit 2048 ne, wato bayit 256. Daga cikin wannan fili ma sai an ware wani ɓangare don cikon da ake kira OAEP, wanda ke cusa lambobin bazata domin kada saƙo iri ɗaya ya riƙa fitowa da kama iri ɗaya. Idan aka yi amfani da SHA-256, wato lissafin taƙaita bayanai da cikon ke dogara da shi, cikon yana cin bayit 66, abin da ya rage wa saƙo shi ne bayit 190.

Na zauna na lissafa abin da zai faru idan mutum ya dage sai ya yanka fayil ɗin gunduwa-gunduwa. Megabayit 950 a raba da bayit 190 ya ba da gunduwa miliyan biyar. Kowace gunduwa tana fitowa da bayit 256, saboda haka fayil ɗin zai kumbura zuwa megabayit 1,280, ƙarin da ya haura kashi ɗaya bisa uku, kuma duk wanda ke biyan kuɗin data a reshe ya san nauyin wannan. Buɗewa da mabuɗin sirri shi ne ɓangare mafi nauyi, kuma idan aka ɗauka kowace gunduwa tana cin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, aikin zai ɗauki daƙiƙa 5,000, wato sama da awa ɗaya da minti ashirin, a kan fayil ɗin da AES ke gamawa kafin mutum ya tashi daga kujera. Duk wanda ke son ya ga bambancin a tasa kwamfutar yana iya gwada `openssl speed rsa2048` da `openssl speed -evp aes-256-gcm`.

Daga nan ne haɗin ya fito fili, domin raunin kowace hanya shi ne daidai ƙarfin ɗayar. A kowane dare kwamfutar reshe tana samar da sabon sirri na bazata, ta kulle babban fayil da AES ta amfani da shi, sannan ta kulle wannan ɗan ƙaramin sirrin da mabuɗin fili na hedikwata, tunda bai kai bayit 190 ba.

```
openssl rand -hex 32 > dare.txt
openssl enc -aes-256-cbc -pbkdf2 -pass file:dare.txt -in ciniki.db -out ciniki.enc
openssl pkeyutl -encrypt -pubin -inkey fili.pem -pkeyopt rsa_padding_mode:oaep -pkeyopt rsa_oaep_md:sha256 -in dare.txt -out dare.enc
```

Fayil biyu ake turawa, babban da AES ta kulle da ƙaramin mai bayit 256. A hedikwata ana yin aikin RSA sau ɗaya tak don a fito da sirrin daren, sauran aikin duk na AES ne. Rassan ba su riƙe da wani sirri na dindindin, mabuɗin fili kawai ke hannunsu, wanda ko an sace kwamfutar reshe ba zai buɗe fayil ɗin jiya ba, matuƙar an goge `dare.txt` bayan kammala aiki.

Gwaji na gaba shi ne wanda ya fi koya mini abu. Na buɗe `ciniki.enc`, na sauya bayit ɗaya a tsakiyarsa, sannan na buɗe shi da mabuɗin da ya dace. Manhajar ba ta yi ƙorafin komai ba. Ta fito da fayil mai girman da ake tsammani, sai dai bayit 16 sun lalace gaba ɗaya a wurin da na taɓa, kuma bayit ɗaya ya sauya a rukunin da ke biye. Haka salon CBC na AES da na yi amfani da shi yake, yana ɓoye abin da ke ciki amma ba ya gano ko an taɓa shi, kuma a bayanan bashi wannan babban haɗari ne, domin lamba tana iya sauyawa ba wanda ya sani. Salon GCM yana ƙara hatimi wanda ke sa buɗewa ta gaza idan an sauya ko da bit ɗaya ne, amma umarnin `openssl enc` ba ya karɓar GCM. Wannan ne ya sa na ajiye abin da na haɗa a matsayin darasi, muka koma GnuPG, wadda ke bin tsarin da ya samo asali daga PGP ta Phil Zimmermann ta 1991. Tana yin wannan haɗin da kanta, ta zuba komai a fayil ɗaya, kuma umarnin `gpg --list-packets` yana nuna ɓangaren mabuɗin da aka kulle da ɓangaren bayanan daban-daban. Da na maimaita gwajin sauya bayit a kanta, ta yi gargaɗi cewa an taɓa saƙon, ta kuma bayyana cewa buɗewar ta gaza.

Akwai kuma tambayar da lissafin RSA ba ya amsawa, wato ta yaya reshe zai tabbatar cewa mabuɗin filin da ya karɓa namu ne. Wanda ya shiga tsakani yana iya musanya shi da nasa, ya karanta duk abin da aka aiko, ya sake kulle shi da namu ya wuce da shi, ba tare da an ga alamar komai ba. Saboda haka na sa kowane manajan reshe ya buga `gpg --fingerprint`, ya karanto mini dogon jerin lambobi da haruffan ta waya, ni kuma ina kwatantawa da wanda ke gabana. Wasu sun ga kamar ɓata lokaci ne, amma a ganina wannan kiran wayar shi ne ginshiƙin tsarin. Haka kuma, tunda kowa na iya kulle saƙo da mabuɗin fili, kullewa ba ta nuna wanda ya aiko, don haka kowane reshe ya samu nasa mabuɗin don sa hannu a kan fayil ɗinsa.

Iyakar tsarinmu ita ce mabuɗin sirri na hedikwata ya zama wuri ɗaya da komai ya rataya a kansa. Idan wani ya yi shekara yana tara fayilolinmu a kulle, sannan wata rana ya sace wannan mabuɗin, zai buɗe sirrin kowane dare, ya karanta duka. Tsoffin nau'o'in TLS, tsarin da ke kare shafukan da adireshinsu ya fara da `https`, suna da wannan raunin idan aka zaɓi aika sirri da RSA, kuma shi ya sa TLS 1.3 na 2018 ya cire wannan hanya ɗungurum. A yanzu burauza da saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, kowanne yana samar da mabuɗin wucin gadi, su cimma sirri ɗaya ta hanyar Diffie da Hellman, sannan su jefar da mabuɗan bayan an gama. Mabuɗin dindindin na saba aikinsa sa hannu kawai, takardar shaidarsa kuma ita ce ke yin abin da kiran wayarmu ya yi. Da na haɗu da sabarmu ta `openssl s_client`, na ga `X25519` a wurin musayar mabuɗi da `TLS_AES_256_GCM_SHA384` a wurin kulle bayanai, wato mabuɗi biyu a farkon gaisuwa, mabuɗi ɗaya ga duk abin da ya biyo baya.

Fayil ɗin da za a adana a buɗe bayan watanni ba zai iya samun wannan kariyar ba, domin dole a bar wani mabuɗi da zai buɗe shi. Abin da muka yi shi ne aika fayilolin ta cikin TLS 1.3, ta yadda mai tarewa a hanya ba zai samu ko fayil ɗin GnuPG ɗin ba, sannan mabuɗin sirri na hedikwata yana zaune a kwamfutar da ba a haɗa ta da intanet, kuma muna sauya mabuɗin kullewa duk shekara, muna sake kiran rassa don karanta sabon jerin lambobin.