Abin da rapor ɗin tace ruwan datti ya koya min

Masu zuwa sitaj a tashar tace ruwan datti, zana akwatuna da kibiyoyi ba shi ne rapor ba. Abin da malami ke nema shi ne me ya shiga kowane mataki, me ya fita, don kowane mataki gadin na gabansa yake yi.

Na farko dai raga ce ta ƙarfe, tana tare leda da tsumma da robar ruwa, in ba a kwashe ba sai ka ga ruwa ya kumbura a bayanta. Sai ramin yashi, inda ake rage gudun ruwa zuwa wajen mita 0.3 a sakan, yashi ya kwanta amma ƙazanta mara nauyi ta wuce. A nan Garwa kam da damina yashin ba wasa ba, in ya tsallake ramin, fanfo yake ci.

Daga nan ruwan ya zauna kamar awa biyu a basan na farko, laka ta kwanta. A lissafina DBO5, wato awon datti ta yawan oksijin da bakteriya ke sha wajen cinye shi cikin kwana biyar, ya shiga da miligiram 300 a lita ya fita da 210, ka cire 210 daga 300 ka raba da 300, kashi 30 cikin ɗari kenan, kuma daidai ne, kar ka ce basan ya gaza, dattin da ya narke a ruwa ba ya kwanciya.

Wannan aikin bakteriya ne a basan na biyu, inda ake hura musu iska, oksijin ya tsaya wajen miligiram 2 a lita. Nan na fi koyon abu. Ka ɗebi lita ɗaya na ruwan basan ɗin a kwalbar awo ka ajiye minti 30, ka duba inda laka ta tsaya. Tamu ta tsaya a mililita 600, busasshiyar laka kuma giram 3 a lita, 600 raba 3 ya ba da 200. In lissafin ya haura 150 to laka ta fara ƙin kwanciya, galibi bakteriya masu zare-zare ne suka yi yawa saboda iska ta yi ƙaranci, ga wuta na yawan ɗaukewa. Kala ma tana magana, laka mai lafiya ruwan ƙasa ce da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, in ta yi baƙi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai to ta shaƙe.

Mataki na ƙarshe fa goge-goge ne kawai, matatar yashi, ko kududdufi mara zurfi da rana ke kashe ƙwayoyin cuta, ko kulorin na kamar minti 30. In laka ta zubo daga basan na biyu, matatar toshewa take yi nan da nan, kulorin kuma ya ƙare a kan datti bai kai ga ƙwayoyin ba. Shi ya sa a rapor na sa awon kwalbar nan a gaban sakamakon kulorin.