Wasiƙa daga Jamus: kuɗin Bavariya a aljihun Berlin

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Ina fata kuna lafiya, ya aka ji da hidimomi? Tun da aka soma ce-ce-ku-ce kan gyaran dokokin haraji a Najeriya, duk wanda na kira a waya sai hira ta gangaro kan tambaya ɗaya: jihar da aka tara kuɗi a cikinta, nawa ya kamata a bar mata? Shi ya sa na ga ya dace in rubuto muku yadda Jamus ke yin nata rabon. Ita ma tarayya ce, jihohi 16 gare ta, kuma a nan ɗin ma rigimar ba ta mutu ba.

Manyan haraji a nan na haɗaka ne. Tsarin mulkin ƙasar, a sashe na 106, ya ce harajin kuɗin shiga da harajin ribar kamfanoni da harajin kayan masarufi, wanda kuka sani da VAT, na tarayya da jihohi ne tare. Daga harajin albashi tarayya na ɗaukar kashi 42.5 cikin ɗari, jihohi 42.5, ƙananan hukumomi 15. Ribar kamfanoni kuwa raba-daidai ake yi tsakanin tarayya da jihohi. Kuma ofisoshin harajin jihohi ne ke karɓar kuɗin, sannan su miƙa wa tarayya kasonta. Wato kuɗin daga ƙasa yake hawa sama, ba kamar namu ba da kwamishinonin kuɗi ke hallara Abuja kowane wata a raba musu.

Ni a Delmenhorst nake zaune, cikin jihar Niedersachsen, amma a Bremen nake aiki, wadda birni ce kuma jiha mai cin gashin kanta. A takardar albashina akwai layin da aka rubuta Lohnsteuer, shi ne harajin da ake cirewa tun kuɗin bai shigo hannuna ba. Kamfaninmu ofishin harajin Bremen yake biya. To amma doka ta ce harajin albashi na jihar da ma'aikaci yake zaune ne, ba inda yake aiki ba. Don haka cikin kowace Yuro 1,000 da aka cire mini, 425 na tarayya ne, 425 Bremen za ta tura wa Niedersachsen, 150 kuma na ƙananan hukumomin ɓangarenmu. Mu da ke cika jirgin ƙasa da sassafe muna shiga Bremen, muna taka titunanta, mu je asibitocinta, harajinmu ya bi mu gida da yamma. Mutanen Bremen sun daɗe suna ƙorafi a kan haka, kuma ban ga laifinsu ba. Wannan ita ce dai tambayar da ake yi a gida game da kamfanin da hedikwatarsa ke Legas alhali a Kano da Maiduguri ake sayen kayansa. Kafin a yi gardamar kaso, sai an fara yanke hukuncin inda za a ce kuɗin ya fito.

Saboda irin wannan ne, da kuma nauyin da manyan birane ke ɗauka, idan aka zo lissafin daidaito tsakanin jihohi masu arziki da masu ƙaramin ƙarfi ake ƙirga kowane mutum 100 na Berlin da Hamburg da Bremen, biranen da kowannensu jiha ne, a matsayin 135.

Daidaiton kansa, tun daga 2020, ta harajin kayan masarufi ake yin sa. Kason jihohi na wannan haraji ana fara raba shi ne bisa yawan jama'a, ba bisa inda aka yi cinikin ba. Daga nan sai a auna ƙarfin kuɗin kowace jiha a kan kowane mutum ɗaya, a gwada da matsakaicin ƙasa. Wadda ta haura matsakaici a rage mata kashi 63 cikin ɗari na rarar, wadda ta gaza a cike mata kashi 63 na giɓin.

Ga misali da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin lissafi. A ce matsakaicin ƙasa Yuro 5,000 ne ga kowane mutum. Wata jiha na da 6,000, wata kuma 4,000. Ta farko za a rage mata 630, ta koma 5,370. Ta biyu a ƙara mata 630, ta kai 4,630. Sai tarayya ta shigo da tallafi daga aljihunta: ta ɗauki kashi 99.75 na matsakaici, wato 4,987.5, ta biya kashi 80 na abin da ya rage wa mai ƙaramin ƙarfi ta kai can. Giɓin 357.5 ne, tallafin ya zama 286, jihar ta tsaya a 4,916. Tazarar da ta fara a 2,000 ta dawo ƙasa da 500, amma mai arziki tana nan a gaba. Da gangan aka tsara shi haka, don kada mai bayarwa ta wayi gari a bayan mai karɓa.

A 2023 abin da aka juya ta wannan hanya ya kai kusan Yuro biliyan 18.3. Jihar Bavariya kaɗai ta biya kusan rabi, biliyan 9.1, sai Baden-Württemberg da Hessen. Berlin ce ta fi kowa karɓa, kusan biliyan 3.8. A watan Yulin shekarar Bavariya ta kai ƙara kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe, tana cewa nauyin ya yi mata yawa. Masu karɓa kuwa ba sa gajiya da tuna mata cewa daga 1950 har zuwa 1986 ita ma miƙo hannu take yi, lokacin tana jihar manoma. Ita kuma takan amsa cewa abin da ta biya ya ninka abin da ta karɓa sau da yawa, kuma gaskiya ne. Matsayi na canzawa: a 2021 jihar Rheinland-Pfalz ta tashi daga mai karɓa ta koma mai bayarwa, saboda harajin ribar da kamfanin BioNTech na Mainz ya samu daga allurar korona.

Inda nake ganin Bavariya na da hujja mai ƙarfi shi ne batun ƙwazo. Ku koma kan jihar nan mai 4,000. A ce ta ɗauki ƙarin masu binciken haraji, kasonta ya ƙaru da Yuro 100 a kan kowane mutum. Nan take za ta rasa kusan 63 daga daidaito, cikin 37 da suka rage kuma tallafin tarayya ya ragu da kusan 30. Abin da zai tsaya mata kusan bakwai ne kawai, ga albashin masu binciken a wuyanta ita kaɗai. Wane gwamna ne zai ɓata da 'yan kasuwar jiharsa a kan wannan? Shi ya sa a nan ake yawan zargin wasu jihohi da sassauta bincike don jawo kamfanoni.

Jihohin kuma ba su da ikon sauya yawan harajin albashi ko na kayan masarufi, doka ɗaya ce daga Hamburg har Munich. Babban abin da ke hannunsu shi ne harajin sayen fili da gida, wanda tun 2006 kowace ke yanka nata, daga kashi 3.5 a Bavariya zuwa 6.5 a wasu jihohin. Ƙarfinsu na wani waje: duk dokar da ta taɓa rabon nan sai majalisar wakilan gwamnatocin jihohi, Bundesrat, ta amince, don haka tarayya ba ta iya rage musu kaso ita kaɗai.

A gaida mutanen gida.

Naku,
daga Delmenhorst