Wa zai sabunta allon rahoto kafin a buɗe shago?

Aikinmu haɗa wa 'yan kasuwa allon rahoto ne, wanda mai kaya zai buɗe da safe ya ga cinikin jiya da abin da ya rage a sito. Haɗa allon ba shi da wuya. Rigimar tana wajen abin da zai sabunta shi kullum ba tare da wani ya taɓa ba.

Tambayar da nake fara yi ita ce: idan lokacin ya wuce aikin bai gudana ba, me zai faru? A nan cron, manhajar da ke tada aiki a lokacin da ka sa mata a kwamfuta, ke ba ni tsoro. Layi ɗaya ya isa:

```
0 6 * * * /usr/bin/python3 /home/rahoto/sabunta.py
```

Amma idan kwamfutar ofis ce, aka ɗauke wuta ƙarfe 6 kuma inbata ta mutu, shi ke nan, cron ba ya ramuwa, sai gobe. Idan kuma saba ce ta haya, yawanci agogonta UTC ne, wato wannan layin ƙarfe 7 zai tashi a Kano. Ba na zaɓarsa sai in bayanan suna kan sabar da ba ta mutuwa.

Akwai wani dilan kayan masarufi da yaransa ke shigar da ciniki a Google Sheets. Shi Apps Script, hanyar Google ta rubuta ƙananan shirye-shirye a kan Sheets, muka sa masa, tunda bayanan suna can, kuma ba a biyan ko sisi. Sai dai wannan ba ya riƙe minti: ka zaɓi 5 zuwa 6 na asuba, ya tashi duk lokacin da ya ga dama a cikin awar. Alhaji ba ya duba allo kafin 8, don haka bai dame mu ba. Abin da ya kawo cikas iyakar minti 6 ce da Apps Script ke ba kowane gudu. Da layuka suka yi yawa, aikin ya fara yankewa a tsakiya da saƙon `Exceeded maximum execution time`, rabin shaguna da alƙaluman jiya, rabi da na shekaranjiya. Wasiƙar gazawar kuma tana zuwa ne ga wanda ya kafa aikin da asusunsa, wani yaro da ya riga ya bar wurin.

Muka mayar da lissafin Cloud Run, inda Google ke gudanar da shiri a sabarsa, Cloud Scheduler, mai tada aiki a kan lokaci, na tada shi. A can za ka zaɓi `Africa/Lagos`, ka faɗi sau nawa zai sake gwadawa in ya gaza. A Cloud Scheduler ayyuka uku na farko kyauta ne, bayansu santi 10 kowanne a wata, amma sai da katin da ke biyan dala. Yana iya tada aiki sau biyu, saboda haka muka sa aikin ya riƙa maye gurbin layukan ranar maimakon ƙarawa a kansu, kada ciniki ya ninka.

Kowanne muka zaɓa, muna sa ranar da lokacin sabuntawa ta ƙarshe a saman allon, ya koma ja in ya haura awa 26.